Yadda PLC ke karanta shiga, ya warware matakan tsani, ya fitar da umarni a kowane zagaye

Idan ka taɓa leƙa akwatin lantarki na masana'antar cika ruwan roba ko na lif, wataƙila ka ga wata ƙaramar na'ura da wayoyi jere sama da ƙasa, ƙananan fitilunta suna ta ƙyaftawa. Ita ce PLC, kwamfutar da aka ƙera musamman domin sarrafa injina. Ba ta da allo kamar wayarka, ba ta kuma buɗe manhajoji goma a lokaci guda. Shiri ɗaya take gudanarwa, daga farko zuwa ƙarshe, da ta gama ta koma farko, haka har sai an kashe ta ko wuta ta ɗauke.

Mafi yawan waɗanda suka fara koyonta suna ɗauka cewa tana kallon inji ne kai tsaye, kamar yadda ido ke kallo. Ba haka take yi ba. Ɗaukar hoto take yi. Ta ɗauki hoton halin da makunnai da sensa suke ciki, ta juya musu baya ta yi lissafi a kan hoton, sannan ta aika da sakamako waje a lokaci ɗaya. Wannan tafiya ita ake kira zagaye, kuma yawanci tana ƙarewa cikin milisakan kaɗan, wato kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin matsaloli da yawa da ake ɗora wa waya ko sensa alhali su lafiyarsu ƙalau.

Me ya sa shirin yake kama da tsani?

Kafin zuwan PLC, da rile ake sarrafa injinan masana'antu. Rile makunni ne da wuta ke kunnawa: a tura wuta cikin koyil ɗinsa, maganaɗisu ya ja wani ƙarfe, ƙarfen ya haɗa ko ya raba wasu wayoyi. Babban inji kan buƙaci ɗaruruwansu, kuma duk lokacin da aka canza tsarin aiki sai an kwance wayoyi an sake ɗaurawa. A 1968 sashen Hydramatic na kamfanin General Motors a Amurka ya nemi a samo masa abin da zai maye gurbin wannan wahala. Daga cikin waɗanda suka amsa akwai Bedford Associates, inda Dick Morley yake, kuma su ne suka fito da Modicon 084.

Masu gyaran lantarki a lokacin sun saba da zanen rile: layi biyu a tsaye, na hagu mai wuta, na dama na komawa, da layuka a kwance a tsakaninsu. Tamkar tsani da matakansa. Sai aka bar musu zanen da suka sani ya zama harshen rubuta shiri, don kada a ce sai sun koma makaranta. Har yau yana cikin harsunan da ƙa'idar IEC 61131-3 ta amince da su, wadda aka fara fitarwa a 1993. A manhajar Siemens za ka ga an rubuta masa LAD.

Sai dai akwai bambanci ɗaya babba. A akwatin rile na gaskiya, wuta tana bin dukkan layukan a lokaci guda. A cikin PLC babu wutar da ke bin zanen. Na'urar tana karanta matakan ne ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, kowane mataki daga hagu zuwa dama.

Abin da ke faruwa a zagaye ɗaya

Da farko PLC takan duba duk tashoshin shigarta, wato inda wayoyin maɓallai da sensa suke shigowa. Inda ta sami wuta, galibi bolt 24, ta rubuta 1. Inda babu, ta rubuta 0. Tana ajiye waɗannan lambobi a wani ɓangare na memori, mu kira shi hoton shiga. Daga wannan lokaci har zagayen ya ƙare, shirin hoton nan yake tambaya, ba ya komawa kan wayar.

Daga nan sai ta shiga warware matakai. Kowane mataki tambaya ce: shin akwai hanya a buɗe daga layin hagu zuwa koyil ɗin da ke dama? Idan akwai, ta rubuta 1 a gurbin koyil ɗin, idan babu ta rubuta 0. A memori take rubutawa, cikin hoton fita. Inji bai san komai ba tukuna.

Sai bayan mataki na ƙarshe ne take kwafe hoton fita gaba ɗaya zuwa tashoshin fita na gaskiya. A nan ne kontakta ke yin ƙas, mota ta tashi, fitila ta kama. Tsakanin zagaye da zagaye tana kuma yin 'yan ayyukan gida, kamar duba lafiyar kanta da amsa saƙon allon ma'aikaci ko kwamfutar da aka jona mata. Sannan ta sake ɗaukar sabon hoto.

Dalilin daskarar da hoton yana da ƙarfi. A ce sensa ta canza daga 1 zuwa 0 a daidai lokacin da shirin yake tsakiya. Da kai tsaye ake karantawa, mataki na 3 zai ga 1 ya ce a buɗe bawul, mataki na 40 ya ga 0 ya ce a yi abin da bai kamata a yi ba sai bawul yana rufe. Da hoto ɗaya, duk matakan magana ɗaya suke ji.

Mu bi injin ruwa zagaye bayan zagaye

Ɗauki injin da ke turo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Akwai maɓallin kunnawa a tashar `I0.0`, maɓallin kashewa a `I0.1`, sai kontaktar injin a tashar fita `Q0.0`. Haka Siemens ke sanya wa tashoshi suna: `I` na shiga, `Q` na fita. Ga matakin:

```
|--[ I0.0 ]--+--[ I0.1 ]--( Q0.0 )--|
|            |
|--[ Q0.0 ]--+
```

Alamar `[ ]` tambaya take yi: gurbin nan 1 ne? Idan 1 ne, hanya ta buɗe. Alamar `( )` kuma ita ce koyil, inda ake rubuta amsa.

Kafin mu ci gaba, akwai abin da ke rikita kusan kowane sabon ɗalibi. Maɓallin kashewa ana ɗaura shi ne ta yadda wuta ke wucewa ta cikinsa kullum, sai an danna shi take yankewa. Ke nan idan ba a taɓa shi ba, `I0.1` yana 1. An yi haka da gangan: idan ɓera ya ci wayar ko ta kwance, PLC za ta ga 0, ta ɗauka an danna kashewa, injin ya tsaya. Da akasin haka aka ɗaura, waya za ta tsinke ba wanda ya sani, sai ranar da aka danna maɓallin injin ya ƙi tsayawa.

Mu ce kowane zagaye yana ɗaukar milisakan 10. A zagaye na farko ba wanda ya taɓa komai. Hoton ya nuna `I0.0` yana 0, `I0.1` yana 1, `Q0.0` yana 0. Reshen sama a rufe, na ƙasa ma a rufe, don haka aka rubuta 0. Injin yana kwance.

Ana tsakiyar zagaye na biyu sai ma'aikaci ya danna maɓallin kunnawa. Wuta ta iso tashar, amma an riga an ɗauki hoto. Wannan zagayen zai ƙare kamar ba a yi komai ba.

A zagaye na uku sabon hoto ya kama `I0.0` yana 1. Reshen sama ya buɗe, `I0.1` ma 1 ne, hanya ta kai ga koyil. Aka rubuta 1 a `Q0.0`, a ƙarshen zagaye aka fitar da shi, kontakta ta kama.

Ɗan yatsan mutum, ko ya yi sauri, yakan zauna a kan maɓalli kamar milisakan 200. A idon PLC wannan zagaye ashirin ne, tana ta samun amsa iri ɗaya. Da ya ɗaga yatsa, hoto na gaba ya nuna `I0.0` ya koma 0, reshen sama ya rufe. Amma reshen ƙasa yana tambayar `Q0.0`, shi kuwa yana riƙe da 1 ɗin da aka rubuta masa a zagayen baya. Hanya tana nan a buɗe ta ƙasa, aka sake rubuta 1. Injin ya riƙe kansa da kansa, kowane zagaye yana miƙa wa na gaba.

Ranar da aka danna kashewa, `I0.1` ya zama 0, hanya ta yanke komai halin rassan biyu, aka rubuta 0. A zagaye na gaba reshen ƙasa ya tarar da 0, ko an saki maɓallin injin ba zai tashi ba sai an sake danna kunnawa. Idan kuma wani ya danna maɓallan biyu tare, kashewa ke rinjaye, domin ita ke tsaye a bakin hanyar da rassan biyu suka haɗu.

To tsawon wane lokaci ne tsakanin danna maɓalli da kamawar kontakta? Idan aka yi rashin sa'a dannawar ta zo jim kaɗan bayan an ɗauki hoto, sai an jira wannan zagayen ya ƙare, sannan na gaba ya yi aikin: kusan zagaye biyu, milisakan 20. A ƙara da matatar shiga, wadda ke jinkirta sigina kaɗan don ta tabbatar ba hayaniyar lantarki ba ce. A S7-1200 matatar tana zuwa a kan milisakan 6.4 idan ba a canza ta ba. Idan tashar fita irin mai rile ce, ita ma tana cin wajen milisakan 10. Jimla bai kai milisakan 40 ba. Ga injin ruwa wannan ba komai ba ne. Ga wasu ayyukan kuwa, za mu gani, yana da yawa.

Matsayin mataki yana canza amsa

Hoton shiga a daskare yake har ƙarshen zagaye, amma abin da koyil ya rubuta a memori nan take yake aiki ga matakan da ke ƙasansa. A ce mun ƙara mataki na fitilar da ke nuna injin yana aiki, mai tambayar `Q0.0` ta kunna `Q0.1`. Idan muka sa shi ƙasa da matakin injin, zai ga sabon 1 a zagayen da aka rubuta shi, injin da fitila su kama tare. Idan muka sa shi a sama, lokacin da aka zo kansa `Q0.0` yana 0 tukuna, sai fitilar ta makara da zagaye ɗaya. Ido ba zai ga milisakan 10 ba. Amma idan sigina ce da ke rayuwa zagaye ɗaya kacal, ko kuma matakai biyar ne da kowanne ke jiran na ƙasansa, jinkirin yakan taru har inji ya riƙa yin abu a makare.

Kuskuren da ya fi wannan ciwo shi ne koyil biyu masu suna ɗaya. Mai tankin ya ce yana son injin ya riƙa tashi da kansa idan ruwa ya yi ƙasa. Aka ɗaura fulot a `I0.2`, mai rubuta shiri ya je can ƙasa ya ƙara sabon mataki:

```
|--[ I0.2 ]--( Q0.0 )--|
```

A tunaninsa yanzu hanya biyu ce ta kunna injin, ko da hannu ko da fulot. Ga abin da zai faru a zahiri. Ruwa yana da yawa, `I0.2` yana 0. Ma'aikaci ya danna kunnawa, matakin sama ya rubuta 1 a `Q0.0`. Shirin ya gangaro, ya iso sabon matakin, ya tarar hanya a rufe, ya rubuta 0 a kan 1 ɗin. Lokacin fitarwa ya yi, abin da ke cikin gurbin shi ne 0. Injin ko motsi ba zai yi ba. Koyil ba ya yin shiru idan hanyarsa a rufe take, 0 yake rubutawa, kuma na ƙarshe shi ke da magana.

Alamar wannan matsala a fili take ga wanda ya san ta. Ka jona kwamfuta kana kallon shirin yana gudana, ka ga matakin sama ya yi kore har zuwa koyil muddin yatsa yana kan maɓalli, amma fitilar `Q0.0` a jikin PLC a mace. Mutane kan ɓata rabin yini suna gwada kontakta da mita. Abin da ya kamata shi ne a buɗe jerin da ke nuna duk inda aka yi amfani da wani gurbi, wanda manhajar Siemens ke kira `Cross-references`, a duba sau nawa aka rubuta wa `Q0.0`. Gyaran kuma mai sauƙi ne: kowane sharaɗi ya rubuta wa gurbinsa na cikin memori, misali `M0.0` na hannu da `M0.1` na fulot, sannan mataki ɗaya tak ya haɗa su ya rubuta wa `Q0.0`. Wasu manhajojin suna gargaɗi a kan koyil biyu, wasu kuma sai su bar ka ka wuce, don haka ni ban cika dogara da gargaɗin ba.

Abin da ya faru tsakanin hoto da hoto

Idan ka ɗauki bidiyon walƙiya da wayarka, wani lokaci sai ka duba ka ga ba ta fito ba, domin ta faɗo ne a tsakanin hoto biyu. PLC ma tana da wannan makanta, kuma a wajen ƙirga take fi bayyana.

Ɗauki bel mai ɗauke da robobin ruwa, yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa. Sensar haske tana ba da 1 idan roba ta tare ta, 0 idan akwai fili. Ma'ƙirgi, wanda ake kira `CTU` a shirin, yana ƙara ɗaya ne duk lokacin da ya ga an tashi daga 0 zuwa 1. Roba mai faɗin santimita 6 za ta ɗauki milisakan 120 kafin ta wuce sensa, wato hoto goma sha biyu za su kama ta. Babu matsala ta nan.

Matsalar tana cikin filin da ke tsakanin roba da roba. Idan suka matso juna har ratar ta koma milimita 4, sensa za ta ba da 0 na milisakan 8 kawai. Zagaye kuwa milisakan 10 ne. Wani lokaci hoto zai faɗo cikin ratar, wani lokaci kuma ratar ta buɗe ta rufe gaba ɗaya tsakanin hoto biyu. A lissafi, kusan biyu cikin kowace rata goma za su wuce ba a gan su ba. Duk ratar da ta ɓace, PLC ta ga 1 sannan ta sake ganin 1, ta ɗauki robobi biyu a matsayin ɗaya. Idan ratar ta ƙara matsewa har ta gaza lokacin matatar shiga, matatar ce ma za ta haɗiye ta tun kafin a zo maganar hoto.

Yadda za ka gane wannan ita ce matsalar: ƙirgen kullum ƙasa yake da gaskiya, ba ya taɓa wuce ta. Idan aka rage gudun bel sai ya daidaita, aka ƙara sai ya ƙara lalacewa. Canza sensa ba ya gyara komai. Wani lokaci ma layin yana aiki lafiya shekara da shekaru, sai aka ƙara wa shirin sababbin matakai, zagaye ya tsawaita daga milisakan 6 zuwa 10, ƙirge ya fara zuba ba tare da an taɓa bel ɗin ba.

Ƙa'idar ita ce kowace sigina, 1 ɗinta da 0 ɗinta duka, ta fi zagaye mafi tsawo daɗewa, kuma da rata mai kyau. Idan ba za ta yiwu ba, sai a cire aikin daga hannun zagaye. PLC da yawa suna da ma'ƙirgi mai sauri a jikinsu, wanda Siemens ke kira `HSC`. Shi kayan lantarki ne da ke ƙirga kai tsaye daga tashar, shirin kuma ya zo ya karanta jimla a kowane zagaye. A S7-1200 wasu tashoshin suna iya ƙirga har sau 100,000 a daƙiƙa, amma sai an rage lokacin matatar tashar, in ba haka ba an yi aikin banza. Akwai kuma katsewa, inda sigina ke sa PLC ta ajiye abin da take yi ta gudanar da wani ɗan gajeren shiri nan take. Wani lokaci kuma maganin ba ya cikin shiri: a sa abin da zai raba robobin kafin su iso sensa.

Akasin wannan ma yana faruwa. Idan ka sa umarnin `ADD` kai tsaye bayan maɓalli don ya ƙara ɗaya, ba sau ɗaya zai ƙara ba. Kowane zagaye da ya tarar da hanya a buɗe zai ƙara, dannawar milisakan 200 ta zama ashirin. Shi ya sa ake sa alamar gano tashi, `P`, wadda ke buɗe hanya na zagaye ɗaya kawai a lokacin da sigina ta tashi daga 0 zuwa 1.

Ba duk PLC ke bin tsarin hoto sau da ƙafa ba. A ControlLogix da CompactLogix na Rockwell, bayanan shiga suna sabuntawa a nasu lokacin, ko da shirin yana tsakiya, don haka gurbi ɗaya zai iya nuna 1 a sama ya nuna 0 a ƙasa cikin zagaye guda. Masu aiki da su kan kwafe shigar zuwa wasu gurabe a farkon shirin, wato su ɗauki hoton da kansu. A Siemens kuma idan kana son tsallake hoton ka karanta tashar kai tsaye, sai ka rubuta `I0.0:P`.

Idan zagaye ya ƙi ƙarewa

Tunda sai an kai ƙarshen shiri ake fitar da umarni, shirin da ya maƙale a tsakiya haɗari ne. A ce an yi kuskure wajen umarnin tsalle, `JMP`, ya riƙa komawa baya ba iyaka. Ba za a ɗauki sabon hoto ba, ke nan PLC ba za ta ga an danna kashewa ba, injin kuma yana nan a kunne yadda aka bar shi.

Don haka kowace PLC tana da agogon tsaro da ke auna tsawon zagaye. A S7-1200 iyakar da take zuwa da ita milisakan 150 ce. Idan zagaye ya wuce ta, na'urar takan ɗauke shi a matsayin kuskuren lokaci, kuma a S7-1200 idan ya kai ninki biyu na iyakar sai ta koma `STOP`, tashoshin fita su koma 0 sai dai in an saita su daban. Wannan kuma yana daga cikin dalilan da suka sa ba a barin maɓallin tsayawar gaggawa, jan nan mai kama da naman kaza, a hannun shirin PLC ta yau da kullum. Ana ɗaura shi ta rilen tsaro ya yanke wutar kontakta kai tsaye, ko a yi amfani da PLC da aka ƙera musamman don tsaro.

Tsawon zagayen na'urarka ba abin hasashe ba ne. A TIA Portal, idan ka jona da PLC ka shiga `Online & diagnostics`, akwai wurin da aka rubuta `Cycle time`, yana nuna zagaye mafi gajarta, na yanzu, da mafi tsawo. Na ƙarshen shi za ka ɗauka ka gwada da siginar da ta fi kowace gajarta a injinka.